Daga ordonansi zuwa areten minista: wace takarda ce ɗan ƙasa zai iya ƙalubalanta a kotu?

A watan Mayun 2025, makonni kaɗan kafin sallar layya, ma'aikatar kasuwanci ta Nijar ta sanar da dakatar da fitar da dabbobi zuwa ƙasashen waje: shanu, tumaki, awaki da raƙuma. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne a wadata kasuwannin cikin gida, rago kada ya gagari magidanci. Ga mai albashi a Yamai wannan albishir ne. Ga ɗan kasuwar da ya saba lodin raguna daga Badagishiri ko Bakin Birji ya nufi Illela, Jibiya ko Maigatari, lissafin shekara ne ya rikice. A bakin mutane kuwa magana ɗaya ce: doka ta hana.

Kalmar "doka" a Hausa tana ɗaukar kaya da yawa. Da ita ake kiran abin da majalisa ta zartar, da ita ake kiran umurnin minista, har da sanarwar da kantoman gari ya sa a yi shela da ita ran kasuwa. A idon shari'a waɗannan takardu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai wadda alƙali zai iya sokewa idan ɗan ƙasa ya kai ƙara, akwai wadda hannunsa bai kai gare ta. Wanda bai san wace iri ce ta taɓa shi ba, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Matakala mai hawa huɗu

Tsarin da Nijar ta gada daga Faransa ya jera ƙa'idojin ƙasa hawa-hawa, kowane hawa yana ƙarƙashin wanda ke samansa. A can ƙoli akwai kundin tsarin mulki. Ƙarƙashinsa akwai doka ta ainihi, wadda ƴan majalisa ke tattaunawa su kaɗa mata ƙuri'a, shugaban ƙasa ya sa hannu. Sai dikire, wanda shugaban ƙasa ko firaminista ke ɗauka, sau da yawa a taron majalisar ministoci. A ƙasa kuma akwai arete, takardar da minista, gwamnan jaha, furefe ko magajin gari ke sa wa hannu. Dikire da arete su ne ƙa'idojin zartarwa: ɓangaren gwamnati ne ke rubuta su, ba tare da sun bi ta zauren majalisa ba.

Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, na jamhuriya ta bakwai, ya shata iyaka tsakanin gonakin biyu. Ayarsa ta 99 ta lissafa abubuwan da doka kaɗai ke iya tsarawa. Daga cikinsu akwai ƴancin ɗan ƙasa da kariyar da aka yi masa, da ayyana manyan laifuka tare da hukuncinsu, da haraji kowane iri: abin da ake ɗora shi a kai, yawansa da yadda ake karɓarsa. Abin da bai shiga gonar doka ba, kundin ya bar wa gwamnati ta tsara shi. Wannan rabon an kwaikwayo shi ne daga ayoyi na 34 da 37 na kundin Faransa na 1958.

Akwai dalilin da ya sa aka yi rabon haka. Majalisa ba za ta zauna duk wata don canza farashin litar mai ko ranar komawa makaranta ba, don haka dole a bar wa gwamnati sarari ta yi aiki da sauri. Amma abin da ya shafi aljihun mutum, ko ƴancinsa, ko ɗaure shi a gidan kaso, an ce sai wakilan jama'a sun amince. Doka takan kafa ginshiƙi, sannan ta ce dikire zai fayyace yadda za a aiwatar, dikire kuma ya ce minista kaza zai fitar da arete a kan batu kaza. Ikon yana gangarowa ne daga sama, kuma yana ƙara ƙuncewa a kowane hawa.

Ikon minista na aro ne

A nan ne tushen maganar yake. A wannan tsari minista ba shi da ikon kafa wa jama'a ƙa'ida a kan duk abin da ya ga dama. Yana iya yin hakan ne kawai inda doka ko dikire suka ba shi izini, kuma a cikin iyakar izinin. Babbar kotun gudanarwa ta Faransa, Konsei Deta, ta fayyace wannan tun ranar 7 ga Fabrairu 1936 a shari'ar wani likita mai suna Jamar. Ministan fansho ya haramta wa likitan shiga cibiyoyin da ake duba lafiyar tsofaffin sojoji. Kotu ta yarda cewa minista, a matsayinsa na shugaban ma'aikata, yana iya tsara yadda aiki zai gudana a cikin ma'aikatarsa ko da babu wani rubutaccen izini. Amma ta ce wannan haramci ya zarce abin da tsara aiki ke bukata, ta soke shi. Har yau ɗaliban shari'a a ƙasashen da ke bin wannan tsari suna karanta hukuncin.

Kayan aro ba ya rufe katara. Doka tana tsayawa da ƙafarta, domin daga masu ikon yin doka ta fito. Arete kuwa yana jingine ne da wata takarda da ke samansa, idan aka zare ta sai ya faɗi. Shi ya sa duk areten da aka rubuta yadda ya kamata yake farawa da jerin layuka, kowane yana ambaton wata doka ko wani dikire da lambarsa da ranarsa. Lauyoyi suna kiran waɗannan layuka biza. Mai karatu yakan tsallake su ya tafi wurin da aka ce an hana ko an wajabta, alhali a cikinsu ne minista ke nuna inda ya aro ikonsa. Lauyan da aka kawo wa arete daga nan yake farawa: ya nemo takardun da aka ambata ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko da gaske sun ba da izinin abin da aka yi.

Ayar 137 ta kundin 2010 ta ɗora wa Konsei Deta ta Nijar alhakin sauraron ƙarar wuce gona da iri da ake kai hukumomin gudanarwa. Mai ƙara ba minista yake tuhuma da laifi ba. Takardar ce ake yi wa shari'a, kuma abin da ake roƙon alƙali shi ne ya soke ta. Idan ya soke, ana ɗaukar ta kamar ba a taɓa rubuta ta ba, kuma kowa ya amfana, har wanda bai san an yi shari'ar ba. Doka ta ainihi ba ta shiga wannan ƙofa. A ƙarƙashin kundin 2010 kotun tsarin mulki ce kaɗai ke iya cewa doka ta saɓa wa kundi, ko kafin a sa mata hannu, ko kuma idan wanda ake shari'a da shi ya tayar da batun a gaban alƙalinsa.

Tun da babu majalisa fa?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an jingine kundin 2010, an rusa majalisar dokoki, kuma majalisar soja ta CNSP ta haɗa ikon yin doka da na zartarwa a hannu ɗaya. Abin da ke tsayawa a matsayin doka yanzu shi ne ordonansi, wanda shugaban ƙasa ke sa wa hannu. Kundin sake gina ƙasa, wanda Janar Abdurahaman Tiyani ya ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025, shi ne ya hau kujerar kundin tsarin mulki, majalisar tuntuɓa da aka girka a ƙarƙashinsa kuma shawara take bayarwa. A ɓangaren shari'a, Kotun Ƙasa, wato Kur Deta, da aka kafa a ƙarshen 2023, ta gaji aikin kotun ƙoli ta ɗaukaka ƙara da na Konsei Deta gaba ɗaya.

Ya kamata a bambanta ordonansin yau da na zamanin majalisa. A da, bisa aya ta 106, gwamnati takan nemi majalisa ta ara mata ikon yin doka na wani ƙayyadadden lokaci, sau da yawa a lokacin hutun ƴan majalisa, daga baya a kawo abin da aka yi majalisa ta tabbatar. Wancan ordonansi shi ma na aro ne. Na yanzu kuwa babu wanda ya ara masa iko, shi ne doka da kansa.

Duk da haka matakalar ba ta rushe ba, kuma hukumomin yanzu da kansu suna bin ta. Da suka so kawar da doka mai lamba 2015-36 ta 26 ga Mayu 2015, wadda ta haramta safarar baƙin haure kuma ta tsayar da sana'ar direbobi da yawa a Agadas, ordonansi suka ɗauka a watan Nuwamban 2023. Da suka so maido hukuncin ɗauri a dokar 2019 ta laifukan intanet, a watan Yunin 2024, nan ma ordonansi ne. Ba a sa ministan shari'a ya yi da arete ba, domin takarda ba ta iya soke ko gyara wadda ke samanta. Dubban dokokin da majalisun baya suka zartar suna nan da ƙarfinsu muddin ba a soke su ba, kuma kowane minista yana ƙarƙashinsu.

Tambayoyi huɗu na alƙali

A ɗauki misali da ɗan kasuwa a Maraɗi wanda ya sayi raguna 200 da kuɗin bashi, ya yi alkawarin kai su wani gari na ƙetare, sai arete ya fito ya hana fitar da dabbobi. Ya tafi wurin lauya. Abu na farko da za a duba shi ne ko yana da hurumin kai ƙara, wato ko takardar ta taɓa shi kai tsaye. A nan amsar a fili take, kuma ƙungiyar masu fataucin dabbobi mai rajista ita ma tana iya shigar da ƙara da sunan mambobinta. Daga nan sai a auna takardar da tambayoyi huɗu da alƙalin gudanarwa ya saba yi.

Ta farko: wa ya sa hannu, kuma yana da ikon sa hannun? Idan dokar da aka dogara da ita ta ce da dikire ake ɗaukar irin wannan mataki, areten minista bai isa ba. Idan ta ce ministoci biyu ne za su sa hannu tare, misali na kasuwanci da na kiwo, hannun ɗaya bai wadatar ba. Idan babban sakataren ma'aikata ne ya sa hannu a madadin minista, dole akwai takardar wakilci da aka riga aka buga. Wannan aibi yana da nauyi har alƙali yana iya tayar da shi da kansa ko lauya bai ambata ba.

Ta biyu: an bi matakan da aka shimfiɗa? Wasu dokoki suna wajabta a nemi ra'ayin wani kwamiti ko wata hukuma kafin a yanke shawara. Idan an tsallake matakin da ke da tasiri a kan shawarar, takardar tana iya faɗuwa ko da abin da ke cikinta daidai ne.

Ta uku ita ce mafi faɗi: abin da ke cikin takardar ya dace da abin da ke samanta? Idan doka ta ba da izinin tsara fitar da kaya, sai a tambaya ko tsarawa ta haɗa da hanawa ɗungurungum. Idan areten ya ƙirƙiro ɗaurin shekaru ga wanda ya karya shi, ko ya ɗora wani sabon haraji a kan kowane kai, ya shiga gonar doka, sai fa in wata doka ce ta riga ta tanadi hukuncin shi kuma ya ambato ta kawai. Alƙali yakan duba har da girman matakin: haramci na makonni, mai ranar ƙarewa da dalili bayyananne, ya fi sauƙin karewa a kan haramci na har abada da ya haɗa kowa da kowa.

A wannan tambaya ce wurin da ragunan suka nufa yake da tasiri. Nijar ta fice daga CEDEAO, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, amma tana cikin UEMOA, wadda yarjejeniyarta ta 1994 ta tanadi kawar da takunkumin shiga da fitar kaya tsakanin ƙasashe mambobi. Idan Abijan ko Kwatano za a kai ragunan, lauya yana da wannan hujja a hannu, lauyan gwamnati kuma zai amsa da cewa yarjejeniyar ta bar wa ƙasashe ƙofar ɗaukar matakan kariya a wasu yanayi. Idan Kano ko Legas suka nufa, hujjar ba ta aiki, tunda Nijeriya ba ta cikin UEMOA.

Ta huɗu: da wace niyya aka yi amfani da ikon? Idan an ba minista iko don kare lafiyar dabbobi, sai ya yi amfani da shi don share wa wani ɗan kasuwa hanya a kan abokan gasarsa, ya karkatar da iko. Wannan ita ce hujjar da jama'a suka fi zargi a majalisar hira, kuma ita ce mafi wuyar tabbatarwa a kotu, domin niyya ba ta rubuta kanta a takarda.

Akwai tambaya ta biyar da alƙali ba ya yi: shin matakin dabara ce mai kyau? Ko haramcin zai sauke farashin rago, ko zai karya makiyayi ya ƙarfafa fasa-ƙwauri, wannan muhawara ce ta siyasa da tattalin arziki. Arete yana iya zama marar hikima amma halastacce, yana kuma iya zama mai amfani amma ya faɗi a kotu saboda wanda ya sa hannu ba shi ne ya kamata ba.

Inda ƙararraki ke mutuwa

Ƙararraki da yawa ba sa kaiwa ga waɗannan tambayoyi, a bakin ƙofa suke tsayawa. Tsarin da Nijar ta daɗe tana bi ya bukaci mai ƙorafi ya fara rubuta wa wanda ya ɗauki matakin, ko na gaba da shi, ya roƙi a janye. Sai an ƙi, ko an yi shiru har wa'adi ya cika, sannan ya wuce kotu. Wa'adin gajere ne, kuma yana fara tafiya daga ranar da aka buga takardar a jaridar hukuma ko aka sanar da wanda ta shafa. Ɗan kasuwar da ya ɓata makonni yana bin manya su sa baki, ba tare da ya ajiye wasiƙa mai hatimin karɓa ba, yana iya tarar da ƙofa ta rufe.

Abu na biyu, kai ƙara ba ya dakatar da takardar. Ana ɗaukar matakin hukuma a matsayin halastacce har ranar da alƙali ya ce akasin haka, don haka jami'in duwan a Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni zai ci gaba da tare motar. Ga mai raguna 200 da ke cin dusa da harawa kullum, hukuncin da ya fito bayan layya ta wuce bai hana asara ba. Shi ya sa lauya kan haɗa da roƙon gaggawa na a jingine aiwatarwa kafin a yanke hukunci, inda sai ya nuna cewa hujjarsa mai ƙarfi ce kuma ɓarnar da za a yi tana da wuyar gyarawa. Soke takarda kuma ba ya biyan diyya da kansa. Neman diyya ƙara ce daban, wadda a cikinta sai an kawo rasit, takardar bashi da shaidar cinikin da ya wargaje.

Ko wa'adi ya wuce, akwai sauran hanya ɗaya. Wanda aka gurfanar saboda ya karya arete yana iya kare kansa da cewa areten ba ya bisa doka. Idan aka yarda da shi, ba za a hukunta shi da takardar ba, amma takardar tana nan a kan sauran jama'a har sai an janye ta ko an soke ta.

Iyakar ikon alƙali

Tarihin Nijar ya nuna abin da wannan hanya ke iya yi, ya kuma nuna inda take tsayawa. A lokacin tazarce, ranar 5 ga Yuni 2009, Shugaba Mamadu Tanja ya sa hannu a dikiren kiran masu zaɓe zuwa ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundin da zai ba shi damar zarcewa. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara kotun tsarin mulki, wadda ke da hurumin irin wannan ƙara a sha'anin zaɓe. Ranar 12 ga Yuni, kotun, a ƙarƙashin jagorancin Fatimata Bazai, ta soke dikiren. Takardar shugaban ƙasa ce, amma ƙa'idar zartarwa ce, kuma ta saɓa wa abin da ke samanta. Ranar 29 ga Yuni shugaban ya rusa kotun, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, sojoji kuma suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010.

A yanayin yau akwai wata iyaka da ta fi wannan sauƙi. Idan kotu ta soke arete saboda ya saɓa wa doka, gwamnati mai majalisa sai ta je ta shawo kan ƴan majalisa su gyara dokar, a bainar jama'a, tare da muhawara da ƙuri'a. Gwamnatin da ke riƙe da alƙalamin ordonansi tana iya ɗaga ƙa'idar zuwa hawan doka a zama ɗaya, daga nan ta fita daga hannun alƙalin gudanarwa. Wannan ya rage ƙarfin ƙarar, amma bai mayar da ita banza ba. Yawancin ƙa'idojin da ke taɓa rayuwar yau da kullum, na kasuwa, sufuri, makaranta, filaye da lasisi, suna fitowa ne daga ministoci, gwamnoni da kantomomin da aka naɗa bayan rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024. Ba kowace takardarsu ce fadar shugaban ƙasa za ta ɗauka ta mayar ordonansi ba, kuma idan ta yi hakan, alhakin matakin ya tashi daga kan minista ya koma kan wanda ya sa hannu a sama, da sunansa a jaridar hukuma.

Saboda haka ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta direbobi da aka ce mata doka ta hana, abu na farko da za ta nema shi ne kwafin takardar: sunanta, lambarta, ranarta, wanda ya sa hannu da dokokin da ta ambata a samanta. Wani lokaci binciken yakan nuna cewa babu arete ma sam, sanarwa ce aka karanta a rediyo ko wasiƙar cikin gida da minista ya aika wa ma'aikatansa. Irin wannan wasiƙa aikinta bayyana wa jami'ai yadda za su aiwatar da ƙa'idar da ke akwai. Idan ta ƙirƙiro wa jama'a wani sabon wajibi, ita ma ana iya kai ta gaban alƙali, a yi mata tambayoyin nan huɗu.